Ruwa Na Narkar Da Taki, Amma Ba Ya Narkar Da Buhu

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare in ya natsu.

Tun da ambaliyar Mokwa ta auku ranar 29 ga Mayun 2025 nake lura da wani abu a nan dandalin. Irinsa na gani lokacin da madatsar Alau ta ɓalle ranar 10 ga Satumbar 2024, ruwa ya mamaye Maiduguri har cikin Kasuwar Monday. Kafin ruwa ya gama janyewa sai ka ga an fara yawo da alƙaluma: an yi asarar miliyan kaza, an yi asarar biliyan kaza. Rayukan da aka rasa ba su da farashi, Allah ya jiƙansu, ba maganarsu nake yi ba. Maganar dukiya nake yi, musamman dukiyar gwamnati da ke cikin sito. Wa ya ƙirga? Da wane ma'auni? Ni dai na taɓa sa hannu a kan irin wannan adadi ba tare da na ƙirga komai ba, kuma har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Shi ne labarin da zan ba ku.

Ni akanta ne a wata hukumar gwamnati da ke sayo takin zamani tana sayar wa manoma da ɗan sauƙi. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan faɗi garin ba. Alƙaluman da za ku gani kuma na daidaita su kaɗan don lissafin ya yi sauƙin bi. A watan Agustan bara aka kwana ana ruwa, rafin da ke bayan sitonmu ya cika ya yi ambaliya. Ruwa ya shiga ta ƙarƙashin ƙofofi da tagogin iska na ƙasa, ya tsaya a ciki wajen kwana ɗaya da rabi. Bayan ya janye da kwana biyu, bangon arewa ya rufta.

Washegarin ambaliyar aka kawo mini takarda daga ofishin Darakta, za a tura wa ma'aikatarmu. An rubuta cewa sito ya lalace gaba ɗaya, naira miliyan 320, taki buhu 10,000 ya narke, naira miliyan 300. Jimla miliyan 620. Masinja na tsaye a kaina, wai ana jira kafin azahar. Na duba littafina na ga lalle buhu 10,000 na yuriya ke rubuce, kowane buhu mun saye shi naira 30,000. Na sa hannu. Ko takalmina bai taɓa laka ba.

Bayan mako guda aka kafa kwamitin da zai je ya duba kayan, domin a aikin gwamnati ba a share kaya daga littafi sai kwamiti ya gani da idonsa ya rubuta rahoto. Aka sa ni sakatare. Akwai injiniya daga ma'aikatar ayyuka, akwai mai ƙiyasin kuɗin gini, akwai odita na cikin gida, da wani jami'in gona. Ranar da muka shiga, warin da ya tare mu a ƙofa sai da ya sa mu hawaye, don yuriya in ta jiƙe ta haɗu da laka wani irin wari mai yaji take fitarwa. Amma da idona ya saba da duhun wurin sai na ga tarin buhuna a tsaye har kusa da rufi, fari fat, ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. A nan gabana ya faɗi. Waɗannan su ne na sa hannu cewa sun narke.

Kafin in ci gaba, bari in ɗan yi bayanin abin da ake nufi da faɗuwar darajar kadara, don shi ne gindin maganar. Kowace kadara tana da adadin da aka rubuta mata a littafi. In wani abu ya same ta, gobara ko ambaliya ko rushewa, sai a tambaya: abin da ya rage na amfaninta ya kai adadin da ke littafi? In bai kai ba, sai a sauko da littafi ya dace da gaskiya, gibin kuma a rubuta shi a matsayin asarar wannan shekarar. Gwamnatocin Nijeriya sun karɓi ƙa'idojin lissafi na duniya da ake kira IPSAS, kuma daga Janairun 2016 aka ce a koma tsarin da ke rubuta kadarori da basussuka, ba shiga da fitar tsabar kuɗi kaɗai ba. A cikin waɗannan ƙa'idoji, gini da kayan da ke cikinsa ba mudu ɗaya ake auna su da shi ba. Kayan sito suna ƙarƙashin IPSAS 12, gini irin namu kuma IPSAS 21. Takardar da na sa wa hannu ta haɗa su ta yi musu kuɗin goro.

Mu fara da taki. Abu na farko da injiniya ya yi shi ne ya ɗauko tef ya auna layin da ruwa ya bari a jikin bango. Mita ɗaya cif. Katakon da ake ɗora buhuna a kai tsayinsa santimita 15, kowane buhu a kwance kuma wajen santimita 20. Wato ruwa ya nutsar da jeri huɗu na ƙasa, ya taɓa na biyar. Da na ƙasan suka narke sai tarin ya zauna, jeri na shida ma ya sauko cikin ruwa, wasu tarin kuma suka karkata suka zube. Amma tarinmu jeri 16 ne. Ko yaro ya san ruwan da ya tsaya a mita ɗaya ba zai hau jeri na goma ya narkar da buhu ba. Wannan layin na jikin bango shi ne shaida na farko, kuma shi ya sa bai kamata a bari a wanke bango ko a shafa fenti kafin kwamiti ya zo ba.

Muka ɗauki leburori, kwana huɗu ana sauke buhuna ana rarraba su kashi uku. Kashi na farko lafiyayyu: ka taɓa ka ji ƙwayoyin suna motsi kamar gero, nauyinsu kilo 50 bai ragu ba. Muka samu 5,800. Kashi na biyu waɗanda ruwa ya shiga ta wajen ɗinki ya ratsa ledar ciki, suka narke kaɗan, sauran ya dunƙule ya zama kamar dutse. Su 2,300 ne. Kashi na uku buhunan da suka zama fanko, takin ya bi ruwa. Muka tsince su ɗaya bayan ɗaya a cikin laka, muka wanke, muka ɗaure hamsin hamsin. Suka kama 1,200.

Yanzu ga yadda ake yi musu kuɗi. Ƙa'idar kayan sayarwa ita ce a dubi abu biyu: nawa ka saya, kuma nawa zai rage a hannunka in ka sayar yau bayan ka cire kuɗin gyara da na sayarwa. Wanda ya fi ƙanƙanta shi ake rubutawa. Lafiyayyun 5,800 mun saye su 30,000, muna sayarwa sama da haka, don haka suka tsaya a 30,000 ɗinsu. Wani daga cikin 'yan kwamiti ya ce ai taki ya yi tsada a kasuwa, me zai hana a ɗaga kuɗinsu ya rage mana asara? Ba a yin haka. Ribar da ba ka sayar ka karɓa ba ba ta shiga littafi, asarar da ta riga ta auku kuwa tana shiga nan take. Fankon 1,200 kuma ba gardama: 1,200 sau 30,000, miliyan 36 ta tafi.

Masu dunƙulewar nan su suka ba mu aiki. Mai sayen da ya fara zuwa ya ce zai kwashe su a kan naira 8,000 kowane buhu, wai taimaka mana zai yi. Jami'in gona ya ce a dakata. Yuriya tana ɗauke da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin ɗari, kuma dunƙulewa kaɗai ba ta kashe ta. Abin da ya narke ya tafi ya tafi, amma abin da ya saura taki ne, sai dai wahalar watsawa a gona. Muka ɗebi buhu hamsin daga wurare daban daban, aka farfasa, aka shanya, aka ɗora a sikeli. Matsakaicin nauyi kilo 40. Wato buhu 2,300 za su ba da kilo 92,000, in an sake zubawa a sabon buhu na kilo 50 za a samu buhu 1,840. Muka nemi tayi daga dillalai uku, mafi kyau ya ce 22,000 kowane buhu. Wannan ya kama miliyan 40 da dubu 480. Kuɗin leburori da sabon buhu da ɗinki 1,500 a kowane buhu, wato miliyan 2 da dubu 760. Abin da zai rage miliyan 37 da dubu 720. Mu kuwa mun saye su miliyan 69. Asara a nan miliyan 31 da dubu 280. In ka raba za ka ga kowane buhu ya sauko daga 30,000 zuwa 16,400, ninki biyu na abin da mai taimakon can ya taya.

A nan sai in ɗan ja hankali. Mun yi sa'a taki ne. Da masara ce ko gero, lissafin ceto ba zai taso ba. Ruwan ambaliya ya bi ta masai da kwata kafin ya iso, kuma hatsin da ya jiƙe cikin kwana biyu yake fara funfuna, wata funfunar tana haifar da gubar afalatoksin wadda shanya da girki ba sa kashe ta, tana kuma lalata hanta. Irin wannan darajarsa sifiri ce, a lalata shi gaban shaidu. In aka ce a yi gwanjonsa don a rage asara, a kasuwa zai ƙare, a tukunyar talaka.

To, ku haɗa da kanku: 5,800 da 2,300 da 1,200. Buhu 9,300. Littafi ya ce 10,000. Ina 700?

Amsar da kowa ya fara bayarwa ita ce ruwa ya tafi da su. Odita, wata baiwar Allah mai ƙarancin magana, ta ce to ina buhunansu? Ruwa na narkar da taki, amma ba ya narkar da buhu. Ƙofofi a kulle suke, tagogin iska suna da raga, bango kuma bai faɗi ba sai bayan ruwa ya janye. Duk buhun da ya narke a ciki dole fankonsa yana ciki, da ɗinkinsa a rufe. Muka sake tona laka, muka ɗaga ɓaraguzan bango, muka zagaya harabar har jikin katanga. Babu. Buhu 700 ba su kwana a siton nan ba daren ambaliya. Kuɗinsu miliyan 21.

Mai kula da siton dattijo ne, saura masa wata goma sha huɗu ya yi ritaya. Baba muke ce masa. Da yamma bayan kowa ya watse na same shi zaune kan benci a bakin ƙofa. Na ce, "Baba, ka san inda maganar nan za ta faɗa. Kai ke riƙe da makulli."

Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Akanta, tun ranar da ruwan nan ya zo ban yi barcin kirki ba. Wasu murna suka yi da zuwansa, ni na san kaina za a ɗora wa." Ya sa hannu a aljihun 'yar shararsa ya fito da ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, a naɗe cikin leda. Ciki ya rubuta kwanan wata, lambar mota, yawan buhu, da wanda ya bugo waya. Sau biyar tsakanin Yuni da Yuli aka fitar da kaya da baki, a ce masa takarda na nan tafe. Takarda ba ta zo ba. Na haɗa adadin a wayata. Buhu 700 daidai.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba tun a lokacin?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, a watan Yuni na jira ka zo ƙirgar tsakiyar shekara. Da ka zo da ka gani da kanka."

Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, don gaskiya ce. Ƙirgar Yuni ban je ba. Ana tsakiyar rabon taki, ayyuka sun yi yawa, na karɓi adadin katin sito na rubuta kamar an ƙirga. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kwana biyu bayan haka aka kira ni sama. Darakta ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo mini lemo. Ya ce, "Malam Akanta, ruwa fa ba shi da lissafi. Dubu ɗaya da ɗari biyu, dubu ɗaya da ɗari tara, duk ruwa ne. Ka rufa wa dattijon nan asiri, ya kusa tafiya gida."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum biyar ne suka ƙirga fankon nan, kuma an ɗauki hoto. In na rubuta 1,900, ranar da masu binciken waje suka ce a kawo buhunan, ni da Baba za a tambaya."

Ba don jarumta na faɗi haka ba, tsoro ne. Amma dalilin da ya sa ba a haɗawa ya wuce tsoro. Asarar ambaliya ana share ta daga littafi, magana ta mutu, ba a bin kowa bashi. Kayan da suka ɓata kuwa ana buɗe musu fayil, a bincika, wanda ya ɗauka ya biya. Duk wanda ya tura ɓataccen kaya cikin asarar ambaliya ya yafe bashin da ba nasa ba. Shi ya sa a wurin wasu ambaliya da gobara kamar sabulu suke. Muka rubuta asarar taki ta ambaliya miliyan 67 da dubu 280, muka rubuta buhu 700 a layi daban, muka liƙa kwafin littafin Baba a bayan rahoto.

Sai maganar gini, wadda ita ce ta fi rikitar da mutane, har da masu digiri. An gama siton a 2019 a kan miliyan 200, aka ƙiyasta zai yi shekara 40. Don haka kowace shekara muna cire miliyan 5 na tsufa. Bayan shekara biyar littafi yana cewa miliyan 175. Miliyan 320 da aka rubuta a takardar farko kuɗin gina sabo ne a farashin siminti da rodi na bara. Ba za ka yi asarar 320 a kan abin da littafinka ya ce 175 ba, balle ginin yana tsaye.

Injiniya ya bi ginin kusurwa kusurwa. Rufi da ƙarafunsa lafiya lau. Amma ruwa ya zaizaye ƙasar da ke ƙarƙashin fandisho ta arewa, shi ya kayar da bangon. Daɓe ya zauna a wurare uku, in ka buga da ƙarfe sai ka ji ƙarar rami a ƙasa. Ginshiƙai huɗu sun tsage, kuma ya nuna mana bambancin tsagar filasta, wadda siririya ce ba ta da illa, da tsagar da ke hawa a karkace kamar matakala tana faɗaɗa ta sama, alamar ƙasa ta motsa. Ya ƙara da cewa ruwan da ya narkar da taki ya jiƙa kankare, dole a kankare a wanke kafin gyara. Mai ƙiyasi ya yi lissafin mayar da ginin yadda yake kafin ruwa: miliyan 135.

Nan ma aka ce to shi ke nan, asarar gini miliyan 135 ce. Ba haka ba ne. Ƙa'idar ta ce a nemo adadi biyu a ɗauki mafi girma. Na farko, nawa za a samu in an sayar da ginin a yadda yake, bayan an cire kuɗin sayarwa? Mai kimanta gidaje ya ce miliyan 90, don ba kowa ke son siton da aka san ruwa na shiga ba. Na biyu, nawa ne darajar amfanin da ya rage a jikinsa? Da siton ɗan kasuwa ne, irin na Dawanau da ake bayarwa haya, da kuɗin da zai riƙa shigowa za a lissafa. Namu ba don riba aka gina shi ba, don hidima ne, don haka hanyar daban ce. Sai ka ɗauki kuɗin gina irinsa yau, miliyan 320. Ka cire tsufan shekara biyar cikin arba'in, ya saura miliyan 280. Ka cire kuɗin gyara, 135. Ya saura miliyan 145. Tsakanin 90 da 145 aka ɗauki 145. Littafi yana cewa 175, don haka darajar ginin ta faɗi da miliyan 30.

Na san wani zai ce, gyara 135 amma asara 30, wannan ai wasa da hankali ne. Dalilin shi ne tsadar kayan gini. Littafi yana riƙe da farashin 2019, ƙiyasin kuma na 2024 ne, tashin farashin ya shanye mafi yawan gibin. Da tsohon sito ne na shekarun 1980 wanda littafi ya kusa cinye darajarsa, zai iya rushewa rabi a ce babu faɗuwar daraja ko ta kwabo, alhali ana buƙatar kuɗi masu yawa a tashe shi. Wannan ita ce iyakar lissafin, kuma ya kamata akanta ya faɗa wa shugabanninsa ƙarara. Adadin littafi yana amsa tambayar nawa ya ragu daga abin da muka rubuta. Bai amsa tambayar nawa za a nema a kasafi ba. Shi ya sa a shafin farko na rahotonmu muka jera adadi uku, kowanne da sunansa: asarar ambaliya a littafi, gini da taki, miliyan 97 da dubu 280, kuɗin da ake buƙata don gyara, miliyan 135, kayan da suka ɓata kafin ambaliya, miliyan 21. Babu inda 620 ta fito.

Saura inshora. Ko da akwai ta, ba a cire abin da ake fatan kamfani zai biya daga asara. Ana rubuta asara cikakkiya, diyya kuma sai ta tabbata a rubuta ta daban. Mu ko wannan wahalar ba mu sha ba. Da na buɗe fayil na tarar ba a biya kuɗin shekarar ba, takardar neman biya tana kwance tun Fabrairu. Dokar inshora ta 2003, wadda ke aiki a lokacin, ta fito fili cewa in ba a biya kuɗin ba, babu kariya. Kamfanin ya amsa mana da wasiƙa mai layi uku.

Kuna son jin ƙarshe. Ba irin na fim ba ne. Sai da na rubuta wasiƙa da hannuna ina janye adadin farko, na kuma amsa takardar tuhuma a kan ƙirgar Yuni da ban yi ba, tana cikin fayil ɗina har gobe. An sayar da buhu 1,840 ɗin, kuɗin ya shiga asusu. Baba bai rasa aikinsa ba, littafinsa na leda ya tsaya masa, yana shirin ritayarsa a watan Oktoba. Maganar buhu 700 tana wajen masu bincike. Ni kuma a farkon shekarar nan aka mayar da ni sashen albashi, aka ce sauyin aiki ne na yau da kullum. Na karɓa. Siton an toshe bangon arewa da kwano, kuɗin gyara bai fito ba, ga shi damina ta sake kamawa.

Don haka in kun ga an ce hukuma kaza ta yi asarar biliyan kaza a ambaliya, ba na ce ku ƙaryata ba, wani lokacin asarar ta ma fi haka. Ku dai tambaya: ruwan ya kai ina a jikin bango, kuma tarin kayan ya kai ina? An ƙirga fanko? Adadin nan na littafi ne, ko kuɗin gyara, ko kuɗin gina sabo? Yaushe aka yi ƙirgar ƙarshe kafin ruwa ya zo? Wanda ya shiga laka ya ƙirga zai amsa muku cikin minti biyu.

'Yan'uwana masu riƙe da makullin sito, ko na gwamnati ko na Alhaji a kasuwa, ku ƙirga kayanku a makon nan, ku sa wani ya sa hannu tare da ku, ku ɗauki hoton katin a waya. Kada ku fitar da buhu ko ɗaya da baki. In an fi ƙarfinku, ku rubuta kamar yadda Baba ya yi, ku ajiye a gida. Abokan aikina akantoci kuma, in masinja ya tsaya a kanku da takarda ana jira kafin azahar, ku ce masa ya dawo bayan la'asar, ku je ku gani tukuna.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye mu daga sharrin ruwa. Wanda ya taɓa zama a irin wannan kwamiti, ina son jin yadda kuka yi da naku kayan, musamman masu hatsi da magunguna.